Shugabata ta gayyace ni bikin 'yarta, ba zan je ba, kuma ba na son yin ƙarya

Tambaya: Ina aiki a wani ofis a Adum, nan Kumasi. Hajiyar da ke gaba da ni za ta aurar da 'yarta a Aboabo nan da mako 3. Da hannunta ta ba ni kati, har an fara rubuta sunayen masu ɗaukar yayi. Ba zan je ba, dalilina kuma na gida ne, ba na son faɗa. Yaya zan yi ban ɓata da ita ba?

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara da cire wa kanki tunanin cewa sai kin kawo dalili. Dalili ne yake jawo ciniki. Kika ce ba ki da kuɗin yayi, Hajiya za ta ce ta biya miki. Kika ce ba mai riƙe miki yara, za ta ce ki taho da su, ai gidan biki ne. Na ƙarya kuwa ya fi muni, domin zango ba ya ɓoye mutum. Ki ce kin tafi Tamale duba mara lafiya, ranar Asabar ƙanwar ango ta gan ki kina taya atamfa a Kejetia. Rashin zuwanki za ta manta da shi cikin wata guda, amma ƙaryar za ta riƙa tunawa duk ranar da kika nemi izinin fita daga ofis.

Ki je cikin makon nan, kafin a yanko yadi da sunanki a kuma lissafa ki cikin abinci. Kada ki tura saƙo ta waya, tunda ita ma ba ta waya ta gayyace ki ba. Ki same ta ita kaɗai, ba a gaban ƙananan ma'aikata ba, ki gaishe ta sosai, ki tambayi shirye-shirye, sannan ki ce: "Hajiya, na ji daɗi da kika sa ni cikin naki. Sai dai ba zan samu zuwa ba, na ce gara in faɗa miki da bakina tun da wuri. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya."

Ki lura da kalmar "samu". "Ba zan zo ba" ƙi ne tsirara, babba yana jin sa kamar an mayar masa da goronsa. "Ba zan samu zuwa ba" ta rufe maganar ba tare da ta mari kowa ba, kuma babu ƙarya a cikinta. Abin da nake hana mutane shi ne "zan duba" da in sha Allahun da ba niyya a bayansa. Mai biki tana ɗaukarsa alkawari ne.

Za ta tambaya, wannan babu shakka: "Lafiya dai ko?" Ki ce, "Lafiya lau Hajiya, wata hidimar gida ce." In ta sake matsawa, ki maimaita hakan da murmushi, ki ƙara da "ki yi mini afuwa". Kada shirun da zai biyo baya ya tsorata ki har ki fara zuba bayani. A nan ne yawanci ake zamewa a faɗa cikin ƙarya.

A wannan zaman ki miƙa gudummawarki a ambulan, gwargwadon ƙarfinki, ko sidi 100 ne. Ba ta momo ba, hannu da hannu. Biki a wurinmu bashi ne da ake juyawa, kuma ambulan ɗin ne yake gaya mata ba zumuncin kika yanke ba. Yayin kuwa ki bar shi. Ɗinka kayan bikin da ba za ki je ba asara ce kawai.

Akwai wurin da maganata ta tsaya. Amsa gayyata na cikin haƙƙoƙi 6 na Musulmi a kan ɗan'uwansa da suka zo a hadisi, kuma mafi yawan malamai sun wajabta amsa walimar aure ga wanda aka kira da sunansa, sai da uzurin da shari'a ta karɓa. Wannan hukuncin walima ne, ba na kamu ko lalle ko rawar dare ba. Don haka ki duba katin, ki ga wanne aka kira ki. In walima ce, ki auna dalilinki da malaminki. Samun uzuri daban, wajabcin bayyana shi ga Hajiya daban.

Ranar bikin ki kama hannunki daga saka hotunan yawo a waya. Litinin da safe kuma ki riga kowa shiga ofishinta ki yi mata ban gajiya, ki tambayi yadda aka kai amarya.