Fura a Minti Biyu: Amsar Gwaggo

"Gwaggo, ina wuni? Ina so in ɗauki bidiyon yadda muke yin fura a gida, amma minti biyu kacal zai yi. Me zan nuna, me zan faɗa? Kuma ko laifi ne in yi amfani da bilenda?"

Lafiya lau ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Ɗauko biro.

Aikin fura daga surfe zuwa damu yakan ci hantsi guda, to dole ki yanke. Abin yankewa shi ne jira: jiran gero ya tsane, jiran inji, jiran tukunya. Abin da ba ya yankuwa shi ne alamomin da ke gaya wa mace aikinta ya yi ko bai yi ba. Wadda ta kalli bidiyonki ta je ta gwada, in dawonta ya narke a tukunya, ke za ta kama da laifi, kuma da gaskiyarta.

Kayan da za ki jera a faifai su ne surfaffen gero gwangwanin madara 4, busasshiyar citta guda 2, kanunfari kamar ƙwaya 10, masoro kaɗan, barkono guda 2, sai nono da sukari. Kada ki cika kanunfari, yana danne ƙamshin gero ya sa ɗaci. Ki yi surfe da bakace tun kafin a kunna waya. Kuma ki yi dawo kashi biyu, ɗaya ɗanye ɗaya dafaffe, don kada mai riƙe miki waya ya tsaya rabin awa yana kallon tukunya.

Sakan 15 na farko, waya na kan faifai, hannunki na dama yana nuna kaya ɗaya bayan ɗaya. Ki ce: "Assalamu alaikum. Yau fura za mu yi irin ta gidanmu a Sakkwato. Ga gero, ga citta, kanunfari, masoro da barkono." Shi ke nan. Ban da doguwar gaisuwa da tambayar mutanen gida, ba ziyara kika je ba.

Daga nan zuwa sakan 35, wanki da regewa. Ki juya geron a ruwa cikin ƙwarya, ki riƙa kwararo shi a hankali zuwa wata, sannan ki matso da waya kan gindin ƙwaryar a ga yashi da tsakuwar da suka kwanta. Wannan hoton ya fi kowace magana. Ki ce: "Bismillah. A wanke, a rege sosai. Kun ga abin da ya rage? Da a haƙorin maigida zai ƙare." Sai a ga garin ya dawo daga inji tare da kayan yajin, ana tankaɗe shi da rariya. Ki ɗebi ɗan gari ki ajiye gefe, a gani, don za ki neme shi a ƙarshe.

Zuwa sakan 55, curi. Nan ne 'yan mata ke ɓata aiki, suna tuttula ruwa kamar masu kwaɓin ƙosai. Yayyafawa ake yi da yatsu, ana cuɗawa, har ki damƙi garin ya tsaya a dunƙule. Ki nuna wannan damƙar kusa-kusa, ki buɗe tafin hannu a ga shatin yatsunki a jikinsa. Ki ce: "Ruwa kaɗan-kaɗan. In kin damƙa ya riƙe kansa, ya yi. In ya ruguje, ƙara yayyafi. In ya manne miki a hannu, ƙara gari." Ki cura manya-manya, ki matse su da ƙarfi.

Sai tukunya, zuwa minti 1 da sakan 15. Ruwan ya zama yana tafasa sosai kafin dawo ya shiga, domin zafin ne ke kama bayansa nan take ya hana shi watsewa. A ruwa mai ɗumi narkewa zai yi ki tashi da kunu. Kada ki sa muciya ki juya. Ki ce: "Sai ruwa ya tafasa. A saka a hankali, a rufe, a ba shi kamar rabin awa." Yanzu ki yanke, ki ɗauko dafaffen, ki raba guda ɗaya biyu a gaban waya. "A duba tsakiya. In akwai farin gari, bai nuna ba, a mayar." Ɗanyen dawo a baki ake jinsa, yana garas-garas, kuma yana kumbura ciki.

Kirɓi shi ne zuciyar bidiyon, ki ba shi sakan 25 cur. Daga tukunya sai turmi, da zafinsa, da tururinsa. In kika bari ya huce ya ƙi haɗuwa, ko namiji kika ba taɓarya gudaji za ki samu. Kina kirɓawa kina yayyafa ruwan dahuwar nan mai zafi, kaɗan-kaɗan, har ya yi laushi da danƙo, taɓarya ta fara fitowa da ƙyar. Magana ɗaya tak: "Da zafinsa ake kirɓa shi." Daga nan ki yi shiru, kuma kada ki ɗora kiɗa a kai. Ɗan Sakkwato da ke zaune a Legas ko Abuja, ƙarar taɓaryar nan ita za ta tsayar da shi ya kalla har ƙarshe. Sai a ga kina mulmulawa ƙanana, kina birgima su a garin da kika ajiye don kada su manne da juna.

Sakan 20 da suka rage na damu ne, kuma nan zan amsa miki zancen bilenda. Ba haramun ba ne, ba kuma abin kunya ba. Niƙa ma ai inji muke kaiwa yanzu, wa ke da ƙashin daka gari? Amma bilenda tana mayar da fura sumul, ba gaya ko ɗaya, kuma tsofaffinmu da dama gayan nan suke nema a gindin ƙwarya. Tunda kin ce irin ta gidanmu za ki nuna, ɗauko ƙwarya da ludayi. Ki fara da nono kaɗan, ki murje dawon da bayan ludayi a jikin ƙwarya har ya saki, sannan ki ƙara nono. Wadda ta cika ƙwarya da nono tun farko, dawon zai yi ta guje wa ludayi. In nonon ya yi tsami da yawa, kamar yadda yake yi da wuri a zafin Maris da Afrilu, ki sirka da kindirmo. Ki ce: "Nono kaɗan tukuna, a murje, sannan a ƙara. Sukari daidai bakin mai sha. Bismillanku."

Game da al'ada, abin da zan duba idan kin turo mini kaɗan ne. Ɗankwali a kanki, ba gashi ba zobe a cikin gari. Komai za ki miƙa, da hannun dama. Ƙwaryar damu a rufe ta da faifai kafin a kai wa wanda aka dama dominsa, ba a ratsa tsakar gida da ita a buɗe. In za ki ɗanɗana a gaban waya, ki zauna tukuna, kada ki sha a tsaye. Fuska kuwa ba dole ba ce, hannu da murya sun isa, amma wannan ku yi shawara ke da maigidanki kafin ki saki.

Ki ɗauka da hantsi a inuwar tsakar gida, haske ya fi kyau kuma ƙuda ba su taru ba. Turmin da za ki yi aiki da shi ki wanke shi ya bushe tun daren jiya, in na dakan yaji ne ma ki aro wani, don fura tana ɗaukar warin daddawa. Ki karanta maganganun nan da agogo a hannu kafin ranar, wanda ya yi tsawo ki rage shi. Ki gaishe mini da yara.