Lissafin bakin Yaya ba ya zama tsarin talla

Malam, ni ɗalibin harkar kasuwanci ne a Jami'ar Jihar Kaduna, ina kuma zama a shagon hijabai na yayana a Kasuwar Barci. An ce mu rubuta tsarin tallata kaya, sai na ɗauki shagonmu. Yaya ya ce muna sayar da kamar hijabi 200 a mako. Na sa burin ninka ciniki sau uku cikin wata shida, da kasafin naira 500,000 na biyan masu mabiya a Instagram. Malaminmu ya dawo min da shi, wai ba shi da tushe. Ina na kuskure?

Ƙanena, kuskurenka yana cikin kalma guda: "kamar". Ba na cewa yayanka ya yi maka ƙarya ba. Ɗan kasuwa dai makon da ya fi samun ciniki yake tunawa, kuma ga mai hijabi wannan makon shi ne na jajiberin Salla. Shi ya ba ka, kai kuma ka ɗora gini a kai.

Na taɓa zama da wani saurayi a Kawo da ya ci bashi ya ƙara tanda a gidan burodi, saboda kawunsa ya ce kullum suna kwaɓa buhu goma. Da muka tara takardun sayen fulawa na wata uku, shida muka samu, ranar Juma'a kaɗai ake kai goma. Ya shekara biyu yana biyan kuɗin tandar da ba a kunnawa. Kai maki kawai za ka rasa, ka gode Allah.

Sayi littafi ka zauna a shagon mako biyu. Duk hijabin da ya fita ka rubuta kala, tsayi, farashin da aka daidaita bayan tayi, da wadda ta saya: uwa ce mai saya wa 'yan Islamiyya, ɗaliba ce, ko mai sari. Na bashi ka ware masa shafi daban, don hijabin da maƙwabciya ta ɗauka "sai ƙarshen wata" bai zama ciniki ba tukuna. Sannan ka zaga shaguna biyar a layinku ka taya kayansu. Wannan shi ne nazarin halin da ake ciki. Jadawalin nan mai gida huɗu, ƙarfi da rauni da dama da barazana, daga littafin za ka cike shi. "Muna da kaya masu kyau" ba ƙarfi ba ne, kowa haka yake faɗa. "Telanmu na gama hijabi 30 kala ɗaya cikin kwana uku", wannan shi ne abin da malami zai iya kamawa.

A ce littafin ya nuna 60 a mako, kuna sayarwa 4,500, yana tsaya muku 3,600. Ribar kowane ɗaya 900 ke nan. Raba 500,000 da 900: sai kun sayar da ƙarin hijabi 556 kafin kuɗin tallan kaɗai ya dawo, ba a yi maganar riba ba. Wannan rabawar ita ce abin da mai duba takarda ke fara yi a ransa. Zancen ninki uku kuwa, wa zai ɗinka su, da wane jarin za a sayi yadin?

Ka rage buri ya zama abin ƙirgawa: daga 60 zuwa 80 a mako cikin mako 12. Ka zaɓi masu saye iri ɗaya. Idan iyayen 'yan Islamiyya ne suka fi yawa a littafin, to makarantun Tudun Wada da Rigasa za ka nufa, kuma kaya da farashi da hanyar kai musu da talla duk su bi wannan zaɓin: kalar makaranta, ragi ga mai ɗaukar dozin, kai kaya har ƙofa. Kasafin 60,000 ya isa. Hijabi biyar na gwaji ga shugabannin makarantu 18,000, hoto da data na WhatsApp 20,000, leda mai lambar waya 12,000, kuɗin Keke da abin da ka iya tasowa 10,000. Ƙarin hijabi 67 ya mayar da shi. In cinikin ya hau a hankali, ƙarin 10 a mako bisa matsakaici, kun sami 120, wato ribar 108,000.

Awon nasara ma littafin ne. Ƙara layi ɗaya: "A ina kika ji labarinmu?" Duk Asabar ka tara, ka kuma rubuta a tsarin cewa hanyar da ta kai mako huɗu ba ta kawo mai saye ba za a janye kuɗinta. Ka dai kula da lokaci: in mako 12 ɗin sun haɗa da azumi ko komawa makaranta a Satumba, ciniki zai tashi ko ba ku yi talla ba, don haka ka faɗi wannan a takardar, ka ware waɗannan makonnin wajen kwatantawa.

Yaya zai iya ɗaure fuska in ya ga kana rubuta kowane ciniki. Ce masa aikin makaranta ne, ka bar littafin a kan teburinsa.