Netwok ɗina lafiya lau da rana, amma daga Isha sai ya mutu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina Kano, ina da ƙaramar rauta ta 4G a gida. Da safe da rana komai garau, amma daga bayan Isha zuwa wajen 11 ko bidiyo baya buɗewa, gashi a lokacin nake shiga aji ta Zoom. Sandunan sabis a cike suke. In na kira kamfani sai suce in kashe in kunna, su a wajensu ba matsala. Rautar ce ta lalace ko me? Dan Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumussalam Malama. Kada ki sayi sabuwar rauta tukunna, domin na'urar da ta lalace bata duba agogo, in zata baki wahala to da safe ma zata baki. Abin da yafi kama da matsalarki shi ne cunkoso, wato ku da kuke rataye a eriya ɗaya kun yi mata yawa a wannan lokacin.

Eriyar kamfanin da ke unguwarku yawanci an raba ta fuska uku, kowace fuska na kallon ɓangarenta kuma tana da iyakar abin da zata iya turowa a daƙiƙa ɗaya, wannan ɗin ne duk wanda ke wannan ɓangaren yake ɗiba a ciki. A takarda fuska ɗaya ta 4G mai faɗin 20MHz na iya kaiwa wajen 150 Mbps, amma a zahiri da nisa da katangu bata kai haka. Mu ɗauka tana bada 60, in mutum 6 ne ke jan abu mai nauyi kowa zai samu kamar 10, in kuwa bayan Isha ne an dawo daga kasuwa an ci tuwo kowa ya kishingiɗa ya buɗe TikTok da YouTube, wasu na kallon ƙwallo, mutum 60 suka haɗu a kai, to kinga kowa ya koma 1. Kamar dai wutar taransifoma ce da daddare, tana nan ba a ɗauke ba amma fanka da ƙyar take juyawa saboda kowane gida ya kunna kayansa. Su kuma sandunan nan da kike gani a cike ƙarfin siginar eriya kawai suke nuna miki, basu san mutum nawa ke kanta ba, shi yasa suke ruɗar mutane.

Shi kuma ma'aikacin da ya ɗaga kiranki ba lallai ƙarya yake ba. Da rana kika kira, ya duba ya ga layinki na aiki data bata ƙare ba eriya na kunne, sai ya karanto miki abin da aka rubuta masa. "Netwok ba kyau da daddare" magana ce da yake ji daga kowa kuma babu abin da zai tura wa injiniya a cikinta. Abin da ake iya turawa shi ne rubutu mai kwanan wata da lokaci da lamba, saboda haka ki samu ɗan littafi.

Amma kafin ki ɗora wa kamfani laifi sai kin wanke gidanki, don gida ma yana cika da daddare. Maigida ya dawo, yara sun dawo, wayoyi sun hau waifai, wata wayar ma da ta ji waifai sai ta fara tura hotuna da bidiyon yini zuwa Google Photos ba tare da mai ita ya sani ba, kuma turawa ɗaya irin wannan ta isa ta shaƙe aji a Zoom. Don haka duk sanda zaki gwada, a cire kowa daga waifai ya rage na'ura ɗaya, ki zauna kusa da rauta a wuri ɗaya kullum, in akwai kebul da laftof ki jona shi yafi. Kada yau ki gwada a falo da waya gobe a ɗaki da laftof, lambobin ba zasu haɗu ba.

Gwajin da nafi yarda dashi kashi biyu ne, ki auna tsakaninki da rauta sannan ki auna tsakaninki da waje. A laftof mai Windows ki buɗe Command Prompt ki rubuta:

```
echo %date% %time% >> log.txt
ping -n 50 192.168.8.1 >> log.txt
ping -n 50 8.8.8.8 >> log.txt
```

Layin farko yana rubuta kwanan wata da lokaci a cikin fayil mai suna log.txt. Na biyu yana aika ɗan saƙo sau 50 zuwa rautarki ya auna jinkirin dawowarsa (lambar 192.168.8.1 ta wasu rautoci ce, wasu kuma 192.168.0.1, ki juya taki ki duba takardar da ke manne a ƙasa). Na uku yana yin haka zuwa sabar Google da ke waje. In kika buɗe log.txt ɗin, a ƙarshen kowanne zaki ga Average, wato matsakaicin jinkiri, da kuma Lost, wato saƙonnin da suka ɓace, su biyun zaki kwafa. Bayan haka ki buɗe Speedtest, manhajar auna gudun intanet, ki gwada sau ɗaya, ki tsaya kan saba guda kullum kada ki bari tana canza miki. In babu laftof Speedtest ɗin waya ma ya isa a fara, yana nuna Ping kuma yana ajiye sakamako da lokacinsa, sai dai ba zai raba miki gida da waje ba.

Ki kula, Speedtest yana shan data. In gudunki 20 Mbps ne, daƙiƙa 15 na saukewa sun kai wajen MB 37, banda na turawa, to sau huɗu a rana ya isa kada ki zauna kina ta dannawa. Shi ping kusan ba ya cin komai.

Lokutan kuwa ki ɗaure su da sallah don kada ki manta: bayan Asuba, bayan Azahar, ƙarfe 9 na dare, sai na ƙarshe in kina farke wajen 1. Na Asuba shi ne mafi muhimmanci duk da mutane shi suka fi tsallakewa, suna ganin ai lokacin lafiya ne me za a auna, alhali shi ne yake nuna abin da rautarki da sim ɗinki da wurin zamanki zasu iya in hanya babu kowa, in babu shi lambar dare bata da abin da za a gwada ta dashi. Kada ki ɗauki 12 na dare a matsayin lokacin shiru, masu sayen datar dare mai araha a lokacin suke hawa. Ki yi mako guda cur har da Asabar da Lahadi, in kin iya biyu yafi.

A ce ranar Talata littafinki ya fito haka, misali ne kawai. Ƙarfe 6:10 na safe, jinkiri zuwa rauta 2 ms, shi ms kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa, zuwa waje 45 ms, babu wanda ya ɓace cikin 50, saukewa 24 Mbps. Ƙarfe 2:30 na rana, rauta 2 ms, waje 55 ms, saukewa 17. Ƙarfe 9:05 na dare, rauta 3 ms, waje 380 ms, guda 4 sun ɓace, saukewa 0.9. Ƙarfe 1:00, rauta 2 ms, waje 50 ms, saukewa 21. Toh dubi lambar rauta, bata motsa ba tun safe har dare, kenan waifai ɗinki da laftof ɗinki sun fita. Ta waje ce ta ninka fiye da sau takwas a ƙarfe 9 sannan ta dawo daidai da kanta ba tare da kin taɓa komai ba. Guda 4 cikin 50 kashi 8 cikin ɗari kenan, kuma wannan ne yake sa muryar malami na yankewa, don aji kai tsaye yafi jin zafin jinkiri da ɓacewar saƙo fiye da ƙarancin gudu. In Laraba da Alhamis da Juma'a suka maimaita wannan siffar, shi kenan cunkoso ne.

Da ace lambar rauta ce ta tashi da daddare, daga 2 ta koma 100 ko 200, to matsalar na cikin gida, ko wani yana kan waifai baki sani ba ko kuma waifan maƙwabta ne ke karo da naki, sai ki canza kalmar sirri, in rautar na da 5GHz ki koma kansa. In kuma gudun ya faɗi ya zauna a lamba ɗaya safe da dare, kamar an yanka da wuƙa, wannan ba cunkoso bane, galibi kin wuce ƙa'idar datar "unlimited" ne aka rage miki gudu, ki duba sharaɗin tsarin da kika saya.

Akwai ƙarin shaida ɗaya da injiniyoyi ke girmamawa. Ki rubuta lambar nan ta ƙasan rauta, irin su 192.168.8.1, a burauza ki shiga shafinta, yawancinsu a wajen Device Information suna nuna RSRP da RSRQ da Cell ID. RSRP shi ne ƙarfin sigina, in ya tsaya wajen -92 safe da dare amma gudu ya faɗi, to ba sigina bace. RSRQ kuwa, wato ingancin sigina, yakan lalace in eriya ta cika, kamar daga -8 zuwa -14. Shi Cell ID ki rubuta shi lallai, shi ne yake gaya musu ainihin wace eriya da wace fuska, kuma in kika ga yana canzawa da daddare to rautar na tsallakawa wata eriyar ne, wannan ma abin faɗa musu ne.

In mako ya cika ki aika musu a rubuce ta imel ko shafinsu, kada ki tsaya a kiran waya. Ki saka unguwa da Cell ID da hoton littafin, ki ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza gudu na faɗuwa daga kaza zuwa kaza kullum sigina bata canza ba, ina so a tura wa masu kula da eriya, sannan ki nemi lambar ƙorafi ki ajiye. In shiru ya yi yawa ki kira 622, layin ƙorafi na hukumar sadarwa ta NCC ne kuma kyauta ne, zasu tambaye ki wannan lambar don sai an fara kai wa kamfani kuka kafin su.

Gaskiya kuma, gyaran cunkoso ba aikin kwana biyu bane, sai sun ƙara wa eriyar ƙarfi ko sun kafa wata, kuma sayen data mafi tsada ba zai ƙara wa eriyar faɗi ba. Kafin nan littafin zai miki wani amfanin. Ki ari sim na wani kamfani, in rautarki a kulle take ki sa shi a waya, ki gwada a ƙarfe 9 ɗin nan na kwana uku ki jera lambobin gefen na farko, don a unguwa ɗaya wani kamfanin na shaƙe wani kuma da sauran wuri. Ki gwada kai rautar tagar ɗaya gefen gidan ki ga ko Cell ID zai canza zuwa wanda bai cika ba. A aji kuma ki kashe kyamararki, in ya matsa ki kashe bidiyon da ke shigowa ki bar murya, manyan fayiloli da darussan da aka naɗa ki bar saukar dasu sai bayan Asuba.