Matsalar haihuwa daga mijina take, amma ni danginsa ke zargi: ya halatta in faɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 6 da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Bara muka je asibiti, aka ce lafiyata ƙalau, shi ne ƙwayoyin maniyyinsa suka yi ƙaranci sosai. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa. To yanzu Hajiyarsa kullum sai ta tambaye ni “har yanzu shiru?”, ƙannensa suna kirana juya, ana ta matsa masa ya ƙaro aure, shi kuwa bai ce uffan ba. Zan yi zunubi idan na faɗi gaskiya? Ina da ikon neman rabuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya yaye miki, 'yar'uwa. Asali dai abin da likita ya faɗa muku amana ce a hannunki, tunda ya nemi ki rufa masa. Bai halatta ki kai maganar gidan biki ko wurin ƙawaye don ki huce haushi ba.

Sai dai amanar nan da iyakarta. Ba a rufa asirin miji da mutuncin matarsa. Mijinki ya san inda matsalar take, yana ji ana jifanki da abin da ba naki ba, ya yi gum. Wannan shirun zalunci ne, ya saɓa wa umarnin Allah a Suratun Nisa'i, aya ta 19, na zama da mata da kyautatawa. Shi ne wajibi ya hau kansa ya wanke ki, kuma ba sai ya tona kansa ba. Ya isa ya ce: “Hajiya, mun ga likita, ita ba ta da matsalar komai, don Allah a daina yi mata maganar.” Babu ƙarya a ciki, babu saɓa wa mahaifiya. Ƙarin aure kuwa halal ne a asalinsa, amma ya auro 'yar mutane da sunan neman haihuwa alhali ya ɓoye mata abin da ya sani, wannan yaudara ce.

Don haka ki fara da shi, ku biyu, ki gaya masa abin da kike so ya faɗa, ki ba shi lokaci. In ya ƙi, kina da damar kai kuka wurin wanda zai iya gyarawa: waliyyinki, ko wani dattijo a danginsa mai riƙe magana, ko alƙali. Allah Ya ce ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta (Nisa'i, 148). Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyan wurin Annabi (SAW), bai ce mata ta yi giba ba. Ki faɗi gwargwadon buƙata, ga mutum ɗaya ko biyu. Sauran masu tambaya ki ce “muna neman magani, a taya mu da addu'a”, ba bashin bayani suke binki ba. Mai kiranki juya kuma ya karanta Suratus Shura, aya ta 49 da 50, ya ga wanda ke rabon 'ya'ya, ya tuna Nana A'isha ba ta haihu ba.

Batun rabuwa akwai saɓani. A mazhabarmu ta Malikiyya, da wurin mafi yawan malamai, rashin haihuwa ba ya cikin aibobin da ke ba da damar warware aure, irin su hauka, kuturta da kasa saduwa. Amma an ruwaito Sayyidina Umar ya umarci wani da ba ya haihuwa ya sanar da matarsa ya ba ta zaɓi, wasu malamai kuma sun yi riƙo da wannan. Abin da na fi natsuwa da shi: son ɗa haƙƙinki ne kamar yadda yake nasa, neman saki saboda shi ba laifi ba ne. In ya ƙi, akwai kul'i, ki mayar da sadaki. In kuma ya tabbata gaban alƙali cewa yana cutar da ke, Malikiyya sun ba alƙali ikon raba auren ba tare da kin biya komai ba.

Ni dai ba zan ce ki gaggauta ba. Ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, likitoci kan maimaita shi bayan kamar wata 3, domin kusan tsawon lokacin da sabbin ƙwayoyi ke ɗauka ke nan kafin su nuna. Ƙaranci kuma daban, rashi gaba ɗaya daban. Ko da ta kai ga haɗa ƙwai a asibiti a dasa miki, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta shi matuƙar maniyyin na mijin ne, ƙwan da mahaifar na matarsa ne. Maniyyin wani namiji haramun ne ko da mijin ya yarda. Ku koma asibiti tare a sake gwajin kafin ki yanke shawara. Wallahu a'alam.