Ta ci 90 amma abareji bai motsa ba, an danne mata maki ne?

Tambaya: Salam Malam. 'Yata tana aji 2 na ƙaramar sakandare a nan Jos, duk Juma'a suna tes ɗin lissafi. Farkon zango abarejinta 70, a tes na uku ta ci 40 sai ya rikito zuwa 60. Yanzu bayan tes tara tana nan dai a 60, ta dage ta ci 90 a na goma, sai aka rubuta 63 kacal. Malamin lesin ɗinta ya ce 75 ya kamata, danne mata aka yi. In je makarantar ne? Wallahi raina a ɓace yake.
Maman Ilham, Unguwar Rogo

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, ki ajiye gyalen tukuna, ba wanda ya taɓa mata maki, 63 ɗin daidai ne.

Sabon tes ba da cikakken ƙarfinsa yake jan abareji ba. Tazarar da ke tsakaninsa da tsohon abareji ake ɗauka, a raba ta da yawan tes ɗin da aka yi har da shi sabon. A mako na uku tazarar 30 ce ta ƙasa, tes uku ne, 30 a raba uku 10, shi ya sa ta sauko da 10. Yanzu ma tazarar 30 ce amma ta sama, sai dai tes goma ne, a raba goma ya ba da 3. Kamar cokalin sukari ne, a kofin shayi za ki ji shi, a tukunyar mai shayin Taminus ko labarinsa babu.

To sai batun malamin lesin, wanda shi ne ya fi ci min rai don kusan kullum sai na gamu da irinsa. Abin da ya yi, ya haɗa 60 da 90 ya raba biyu, ya samu 75. Amma 60 ɗin nan ai ba tes ɗaya ba ne, tes tara ne a dunƙule, jimillar makinsu 540. Ƙara 90 ya zama 630, raba goma 63. Kafin abareji ya kai 75 a tes goma sai jimilla ta kai 750, to ki tambaye shi sauran maki 120 ɗin daga wace kasuwa zai sayo su? Ko 100 cif ta ci, 64 za ta tsaya, 75 kuwa sai ta ci 210 a tes ɗin da iyakarsa 100. Mutum yana karɓar kuɗin lesin duk wata amma wannan ya gagare shi, kuma maimakon ya yi shiru sai ya zuga iyaye su je su ci mutuncin malamin aji.

Kuma raba biyun nan yana yanka ta ɗaya gefen ma. Na taɓa aiki da wani matashin malami da yake haka a littafin maki, duk mako sai ya danna kalkuletar waya, tsohon abareji da sabon maki raba biyu. Wata yarinya tana 80 har tes tara, zazzaɓi ya kama ta ta ci 20 a na ƙarshe, ya rubuta mata 50 alhali 74 ne haƙƙinta. Tes ɗaya ya cinye rabin zango, na farko-farko kuwa sun kusa ɓacewa gaba ɗaya. Da ba don uwar ta ajiye takardun a leda ta kawo ba da haka za a buga mata a sakamako, har matsayinta a aji ya tafi.

Ke ma haka za ki yi in zuciyarki ba ta kwanta ba. Tattaro takardu goman, ki tabbatar duk bisa 100 aka yi su, in akwai na bisa 20 ki ninka makinsa sau biyar, ki haɗa. In 630 ya fito shi ke nan, in ya bambanta sai ki je wurin malamin da takardun a hannu.

Sai dai duk wannan lissafin yana aiki ne inda tes ɗin nauyinsu ɗaya. Jarrabawar ƙarshen zango kasonta daban ne, kuma makarantu sun bambanta, ki tambayi yadda tasu take rabawa. In misali tes na da kashi 40 jarrabawa 60, to 63 ɗinta zai ba ta wajen 25, in ta ci 80 a jarrabawa ta ƙara 48, ta tashi da 73. Kuɗin lesin na makonnin da suka rage a can ya kamata ya tafi, kuma in ni ne ke, wani malamin zan nemo mata.