Yaya zan rubuta imel ɗin gayyatar ma'aikata zuwa horo?

Tambaya: Malam, ni sakatariya ce a wani ofis a Sakkwato. Shugabanmu ya ce in tura wa ma'aikata imel na gayyata zuwa horon kwana biyu. Me zan sa a ciki?

Amsa: Malama, yawancinsu a waya za su karanta, wani ma yana cikin Keke Napep. Saboda haka ki sa ranar rufe rajista tun a layin Subject: "Horon ma'aikata, 14 da 15 ga Oktoba: za a rufe rajista Alhamis 9". Wanda bai buɗe saƙon ba ma ya san abin da ake so.

Imel irin wannan yana ɗauke da rana biyu, ta horo da ta rufe rajista, kuma nan ne ake yawan ruɗewa. Idan suka haɗu a jimla ɗaya, sai mutum ya riƙe ta horon ya manta ɗayar. Ki raba su, kowace da sunan rana da ƙarfe nawa. Dalilin wa'adin ma ki faɗe shi, domin mutanenmu sun fi kiyaye abin da suka san dalilinsa. Bayan sallama, ga yadda zai zo:

"Hukumar gudanarwa na gayyatarku zuwa horo kan adana takardun ofis, ranar Talata 14 da Laraba 15 ga Oktoba, daga ƙarfe 9:00 na safe zuwa 3:30 na yamma. Za a tsaya don sallar Azahar da cin abinci.

Za a rufe rajista ranar Alhamis 9 ga Oktoba da ƙarfe 4:00 na yamma, domin washegari za a miƙa adadin mahalarta ga masu abinci da masu buga takardun shaida. A turo suna kamar yadda ake so ya fito a takardar, da sashe, da lambar waya."

Hanyar rajista ta zama ɗaya tak. In kin buɗe fom, ga imel, ga WhatsApp, za ki ga sunan mutum guda sau biyu, na wani kuma babu shi sam.

Wurin taro kuwa, sunan hukuma ko makaranta kaɗai bai isa ba. Ce "Jami'ar Usmanu Danfodiyo" kawai, wani zai nufi mazauninta na cikin gari, wani na dindindin da ke wajen gari. Ki rubuta mazauni, gini da ɗaki.

"Shigar mutunci" ba ta gaya wa kowa komai, don kowa gani yake da mutunci yake shiga. Ki ce maza kaftani da hula ko kwat, mata atamfa ko abaya da mayafi. In akwai gwaji a fili, irin na kashe gobara, ki rubuta ƙarara cewa ban da babbar riga, kuma a sa rufaffen takalmi.

Kafin ki tura, ki duba kalanda ki tabbatar 14 ga wata Talata ce, sannan ki zuba adiresoshin a BCC don kada amsar mutum ɗaya ta bi kowa.