Takaita binciken gidan sauro wa mutanen gari

«An ba ni takardar bincike kan gidan sauro, in takaita ta wa mutanen gari, daga ina zan fara?»

Malam, fara da sakamakon, bar bayanin yadda suka yi aikin ya zo a baya. Inda ake tuntube shi ne lissafin kashi. A ce takardar ta rubuta zazzabi ya ragu da kashi 50, kar ka kwafa haka, nemo asalin adadin cikin teburin, in yara 20 cikin 100 ne suka kamu a da yanzu kuma 10, to haka za ka rubuta, kowa zai gane. Ka fadi su waye aka gwada, in yara ne 'yan kasa da shekara 5 kar ka ce «mutane». In ka gama karanta wa Inna a gida, ta maimaita maka, inda ta kauce nan za ka gyara.